Ƙarfe Sha Shida Ba Ƙarfe Shida Ba Ne: Yadda Nake Tsayar da Ranar Ganawa da Faransanci



Cikin ayyukan sakatare akwai wanda ba a lura da shi sai ranar da ya ɓaci, wato tsayar da rana da lokacin ganawa. Mu da ke zaune a Legas hulɗarmu da masu Faransanci ba ta yankewa. Kwatano na nan kusa, da an tsallake iyakar Seme an shiga. Wasunmu suna da abokan ciniki a Yamai da Maraɗi, wasu a Lome da Duwala. Idan Bahaushe ne a can, sai a yi Hausa a gama. Amma idan ofis ne, ko mai sito, ko kamfanin dakon kaya, saƙon da Faransanci yake zuwa, kuma sau da yawa wayata ake turo wa a ce, "Sakatare, duba mana abin nan."

Abin da na fahimta cikin shekarun da na yi ina wannan aiki shi ne, ba sai ka ƙware a Faransanci za ka iya tsayar da ganawa ba. Jimloli biyar ko shida sun isa. Inda ake faɗuwa shi ne wajen lambobi: ƙarfe nawa, ran nawa ga wata, wace rana. Shi ya sa nake da ƙa'ida ɗaya da ba na sakewa. Ba na amsa wa mutum da "to" kawai. Sai na maimaita masa sunan rana, da kwanan wata, da lokaci, da wuri, duk a rubuce, shi ma ya dawo mini da amsar da ta nuna ya yarda.

Bari in fara da agogo, don nan ne ya fi ruɗa mutanenmu. Mu mun saba da ƙirga sha biyu sau biyu, sai mu ƙara "na safe" ko "na yamma" ko "na dare". Masu Faransanci a rubuce ba sa haka. Suna ƙirga awowin yini a jere tun daga tsakar dare har zuwa ashirin da uku. Ƙarfe ɗaya na rana a wurinsu 13 ne, ƙarfe biyu 14, haka har ƙarfe sha ɗaya na dare ya zama 23. Lissafin mai sauƙi ne: duk lambar da ta wuce 12, cire mata 12, abin da ya rage shi ne lokacinmu na rana ko na dare. Idan ka ga 16 h 30, cire 12 daga 16, saura 4, ke nan ƙarfe huɗu da rabi na yamma. Harafin h da ke tsakiya yana nufin "heures", wato awowi, lambar da ke bayansa kuma mintoci ce. Za ka ga an rubuta 16 h 30, ko 16h30 a haɗe, ko 16:30 a fuskar waya, duk abu ɗaya ne.

Abin da ke faruwa shi ne ido yakan tsallake ɗayan ya kama shidan. Mutum ya ga 16 ya ce ƙarfe shida, ya ga 17 ya ce bakwai. Na san wani ɗan ƙungiya da aka ba shi 16 h don karɓar takardun kayansa, ya yi zamansa a masauki yana jiran shida, da ya isa an kulle ofis, sai da ya ƙara kwana da kuɗin masauki. Akwai kuma juyin wannan kuskure. Idan an rubuta 7 h ko 07 h 00, safiya ake nufi, babu tantama, domin da bakwai na dare ne da an rubuta 19 h. Haka nan idan kai ne mai rubutu ka sa "3 h" kana nufin uku na rana, to ka gayyaci mutum ƙarfe uku na dare ke nan a ƙa'idarsu. Mai hankali zai gane nufinka, amma bai kamata ka bar shi da hasashe ba. Rubuta 15 h 00.

A waya abin ya fi tsanani, domin kunne ne ke aiki ba ido ba. Ƙarfe shida, "six heures", ana furta shi kamar "sizar". Ƙarfe sha shida, "seize heures", ana furta shi kamar "sezar". Wasali ɗaya ne ya raba su, amma tsakaninsu awa goma ne. Haka "dix heures", ƙarfe goma, da "douze heures", ƙarfe sha biyu, ɗaya kamar "dizar", ɗaya kamar "duzar". Ka haɗa wannan da hayaniyar kasuwa da layin da ke yankewa, za ka ga dalilin da ya sa ba na ɗaukar lokacin da na ji da kunne a matsayin tsayayye. Da na ajiye waya nake tura shi a rubuce da lambobi. Wani abu da zai sauƙaƙa muku shi ne, a hira ta baki su ma sukan koma ƙirgar sha biyu, kuma tsarinta irin namu ne. "Et demie" shi ne "da rabi", "et quart" shi ne "da kwata", "moins le quart" shi ne "saura kwata". Wanda ya ce maka "quatre heures moins le quart" yana nufin ƙarfe huɗu saura kwata, abin da za a rubuta 15 h 45 idan da rana ne.

Sai kwanan wata. Masu Faransanci suna fara da rana, sai wata, sai shekara, kamar yadda muka saba a Najeriya. To ina matsalar? Matsalar tana cikin wayoyi da kwamfutocin da aka saita da tsarin Amurka, inda wata ke gaba. Ga wanda idonsa ya saba da wannan, 04/11 zai iya zama 11 ga Afrilu, alhali mai rubutun yana nufin 4 ga Nuwamba. Maganin abin shi ne a rubuta sunan wata da haruffa, a kuma sa sunan rana a gaba: "mardi 4 novembre 2025". Sunan ranar yana aikin mai gadi. Idan ka buɗe kalanda ka ga 4 ga Nuwamba ba Talata ba ce, ka san akwai kuskure a wani wuri, sai ka tambaya tun kafin a sha mai. A shekarar 2025 kuwa Talata ce.

Ranakun mako su ne lundi, mardi, mercredi, jeudi, vendredi, samedi, dimanche, daga Litinin zuwa Lahadi. Ba a fara su da babban baƙi, haka ma sunayen watanni. Biyu ne ke yawan rikicewa, "mardi" Talata da "mercredi" Laraba, musamman idan an taƙaita su zuwa mar. da mer. A watanni kuma "juin" Yuni ne, "juillet" Yuli. Ranar farko ta wata ita kaɗai ake rubuta wa 1er, kamar "1er novembre", sauran duk lamba ce tsura.

Akwai wani bambanci da ya shafi Bahaushe musamman. Mu idan muka ce "daren Juma'a", daren Alhamis wayewar Juma'a muke nufi, domin a lissafinmu dare ne ke gaba da yini. Mai Faransanci idan ya ce "vendredi soir", yammacin Juma'ar kanta yake nufi, bayan an sauko daga masallaci an yi La'asar. Idan Shugaba ya ce mini, "Sakatare, ka ce masa daren Laraba za mu kira shi," ba na fassarawa kai tsaye. Sai na ce, "Ranka ya daɗe, daren Talata wayewar Laraba, ko Larabar da dare?" Idan na farko ne, abin da zan rubuta shi ne mardi à 20 h 30, ba mercredi ba. Haka kuma "bayan La'asar" ko "kafin Magariba" ba sa shiga saƙo. Mu mun san abin da suke nufi, amma wanda ba ya sallah ba shi da ma'aunin da zai auna su. Dole in mayar da su lamba.

Bari in kawo misalin da ya faru a wannan ƙungiya, don a ga yadda abin yake daga farko har ƙarshe. Wasu 'yan uwa suna hayar sito a Kwatano, wa'adin hayar zai cika ranar Juma'a 14 ga Nuwamba, 2025. Mai kula da wurin ya nemi a zauna a sabunta yarjejeniya kafin ranar, in ba haka ba zai ba wasu. 'Yan uwan suka nemi Shugaba ya jagorance su. Ranar Laraba 29 ga Oktoba saƙo ya shigo ta WhatsApp:

```
Bonjour Monsieur,
Je vous propose un rendez-vous le 04/11 à 16h30,
à notre bureau. Merci de confirmer.
```

Ma'anarsa, yana ba mu shawarar ganawa ran 4 ga Nuwamba da ƙarfe huɗu da rabi na yamma a ofishinsu, yana neman mu tabbatar. "Rendez-vous" ita ce ganawar da aka sa wa lokaci. Da a ce lokacin ya yi mana, ga amsar da zan tura:

```
Bonjour Monsieur,
Je vous confirme notre rendez-vous du mardi 4 novembre 2025
à 16 h 30, à votre bureau d'Akpakpa.
Nous serons trois personnes.
Cordialement,
```

"Je vous confirme" shi ne "ina tabbatar maka". Ku lura na cike duk abin da ya bari a buɗe. Ya rubuta 04/11, ni na rubuta sunan rana da sunan wata da shekara. Ya ce "ofishinmu", ni na ambaci unguwar, domin mutum yana iya samun ofis a wani wuri, sito a wani wuri. Na kuma gaya masa mu uku ne, don ya san kujerun da zai tanada. Idan na fahimci wani abu ba daidai ba, a nan zai gani ya gyara mini. Kalmar "vous" kuma ita ce ta girmamawa, kamar yadda muke ce wa babba "ku". Ba a ce wa wanda ake hulɗar aiki da shi "tu" sai shi ya fara. Idan Alhaji ne, a can "El Hadj" suke rubutawa, sai a sa shi a madadin "Monsieur". "Cordialement" ita ce sallamar da ta dace da irin wannan saƙo.

Amma lokacin bai yi mana ba. Ganawar da aka fara huɗu da rabi ba za ta ƙare ba sai dab da Magariba, ga tsallake iyaka, ga hanyar Badagiri da dare, Shugaba kuma dattijo ne. A nan ne mutanenmu da yawa suke cewa "ba zai yiwu ba, a sa wata rana," su yi shiru. Wannan amsar tana mayar da nauyi kan ɗaya ɓangaren, shi ma ya kawo ranar da ba ta yi maka ba, a yi ta kai da kawo har wa'adi ya cika. Wanda ya ƙi lokaci, shi ya kamata ya kawo madadinsa. Ga abin da na tura:

```
Bonjour Monsieur,
Merci pour votre message. Malheureusement, notre président
n'est pas disponible le mardi 4 novembre à 16 h 30.
Je vous propose les créneaux suivants :
- jeudi 6 novembre 2025 à 11 h 00
- lundi 10 novembre 2025 à 14 h 30
- mercredi 12 novembre 2025 entre 10 h 30 et 12 h 00
Lequel vous convient ? Merci de me répondre
avant le lundi 3 novembre à midi.
Cordialement,
```

Saƙon ya fara da godiya, sannan ya ce abin takaici Shugaba ba shi da sarari a wancan lokaci. Na sake ambaton lokacin da muke ƙi, don kada a yi shakkar wace ganawa ake magana. Kalmar "créneau" tana nufin gurbin lokaci, jam'inta "créneaux". "Lequel vous convient ?" shi ne "wanne ya yi maka?" Layin ƙarshe yana roƙon amsa kafin tsakar ranar Litinin 3 ga wata. "Midi" sha biyun rana ne, "minuit" sha biyun dare.

Ba da ka na zaɓi waɗannan gurabe ba. Na sa uku, domin ɗaya tamkar umarni ne, biyar ko shida kuma suna sa mutum ya ajiye saƙon ya ce sai ya duba. Na raba su a ranaku dabam da lokuta dabam, biyu da hantsi, ɗaya da rana, don idan safiyarsa a cike take ya sami mafita. Ban sa ƙarfe takwas na safe ba, domin wanda zai taso daga Legas a ranar ba shi da tabbacin tsawon lokacin da zai ɓata a iyaka. Ban sa ƙarfe ɗaya na rana ba, domin ofisoshi da yawa a can suna tafiya hutun tsakar rana, mu ma lokacin Azahar ne. Na tsallake Juma'a saboda masallaci. Mafi muhimmanci, duka ukun sun faɗo kafin 14 ga wata, na ƙarshen ma ya bar kwana biyu don gyaran takarda ko tura kuɗi. Kuma kafin in tura sai da na karanta wa Shugaba su ɗaya bayan ɗaya ya amince, domin gurbin da ka miƙa wa mutum alkawari ne. Har ya amsa, ba a sa wani abu a waɗannan lokuta.

Amsar da ta dawo kalma biyu ce: "Bien reçu." A nan ma akwai rami. Wannan yana nufin "na samu", ba ya nufin "na yarda". Bai zaɓi ko ɗaya ba. Wanda bai sani ba zai ɗauka an gama, ya kama na farko ya hau hanya. Kalmomin da ke nuna yarda su ne irin "d'accord pour jeudi", ko "jeudi me convient", ko "je confirme", kuma dole su zo tare da ranar da aka zaɓa. Na bari har safiyar Litinin, sannan na kira. Ya ce Alhamis ta yi. Muna gamawa na tura masa wannan:

```
C'est noté : jeudi 6 novembre 2025 à 11 h 00,
à votre bureau d'Akpakpa. À jeudi.
```

Ya amsa da "D'accord". Daga nan ne na sanar da 'yan uwa da Hausa cewa Alhamis 6 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe. Ranar Laraba na sake tura masa layi ɗaya na tunatarwa. An zauna, an sabunta hayar, saura kwana takwas wa'adi ya cika.

Idan rana ta riga ta tsaya sannan uzuri ya taso, akwai kalmomi uku da bai kamata a cakuɗa su ba. "Reporter" shi ne ɗagawa zuwa gaba. "Avancer" shi ne matsowa da ita kusa, a yi kafin lokacin da aka sa. "Annuler" shi ne sokewa gaba ɗaya. Wanda yake son ɗagawa ya rubuta "annuler" ya gaya wa mutum ya fasa, kuma a harkar haya ko ciniki ana iya ɗaukar hakan a matsayin janyewa. Jimlar ɗagawa ita ce "Pouvons-nous reporter le rendez-vous au lundi 10 novembre à 14 h 30 ?" A nan ma sabon lokacin yana cikin tambayar.

Ku yi hattara kuma da ƙirgar kwanaki ta baki. Idan mai Faransanci ya ce "dans huit jours", a zahiri kwana takwas ya ce, amma a al'adarsu mako guda yake nufi, abin da mu za mu ce rana ita yau. "Dans quinze jours" kuma, kwana sha biyar a baki, mako biyu ne a nufi. "Mardi prochain", Talata mai zuwa, su kansu sukan yi saɓani a kanta idan an faɗe ta ranar Lahadi ko Litinin: ta jibi ko gobe ce, ko ta makon gaba? Duk wanda ya ba ni ɗaya daga cikin waɗannan, nakan mayar masa da ita da lamba da sunan wata in ce ya tabbatar.

Abu na ƙarshe ya shafi ganawa ta waya ko ta bidiyo, inda kowa ke zaune a garinsa. Agogon Najeriya ɗaya ne da na Benin da Nijar da Kamaru da Chadi, don haka babu abin lissafawa da Kwatano ko Yamai ko Duwala. Amma Togo da Gana da Burkina Faso da Mali da Senegal suna bayanmu da awa ɗaya. Idan mutumin Lome ya ce 15 h 00, a Legas ƙarfe huɗu ne na yamma. Shi ya sa nake rubuta duka biyun: "15 h 00, heure de Lomé, soit 16 h 00, heure de Lagos". Faransa kuwa tana sauya agogonta sau biyu a shekara. Daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba tana gabanmu da awa ɗaya, sauran watannin agogonmu ɗaya. Wanda yake da ɗa ko abokin ciniki a can, ya duba watan da ake ciki kafin ya amsa.

Ga duk ɗan uwan da ya sami irin wannan saƙo, shawarata ita ce ya kwafi misalan da ke sama ya ajiye a wayarsa, ya riƙa sauya rana da lokaci kawai. Kafin ya tura, ya buɗe kalanda ya tabbatar sunan rana ya dace da kwanan wata, ya kuma sake cire sha biyun nan a ransa. Wanda abin ya shige masa duhu ya turo mini saƙon yadda yake, kada ya fassara mini da baki, domin lambobin nake son gani da idona.

Allah Ya sa albarka a nema, Ya kai matafiyanmu lafiya Ya dawo da su lafiya.

Naku, Sakatare.